"Ai na bata kudin": yaya ake fassara hoton hira ba a kashe muryar mai rubutu ba?

Yar_Jekadafari

Assalamu alaikum 'yan guruf. Wani lauya a nan Gombe ya ba ni hotunan hirar WhatsApp guda 14, yana so a mayar da su Turanci domin a haɗa da takardun shari'a. Rigimar bashi ce tsakanin mata biyu, ɗaya mai sayar da atamfa da leshi, ɗaya ta ɗauki kaya. Na cire sunaye da lambobi, mai kaya ita ce A, wadda ake bi bashi ita ce B. Ga hoton da ya tsaya mini a wuya, yadda aka rubuta shi harafi da harafi:

```
1  09:14 A: Slm hjy an tashi lfy ya kasuwa
2  09:14 A: Kwana 2 shiru
3  11:02 B: Wslm lfy qlau
4  11:03 A: Mgnr 85k din nan ce
5  11:20 B: Ai na bata kudin tun wancan satin
6  11:20 A: Toh 🙂
7  11:21 A: Lallai kin kyauta 😂😂
8  11:40 B: Kiyi hkr xan duba isA
9  11:41 A: Bkm ke dai ki rike kudinki xamu hadu 🙏
10 11:55 B: This message was deleted
```

Duk Bahaushen da ya karanta wannan ya san ran A ya ɓaci. Amma da na fassara kalma da kalma sai ta fito kamar mace mai fara'a da ta yi godiya, ta yafe bashi, har tana addu'ar a sake haɗuwa. In kuma na ƙara zafi daga wajena, na sa mata abin da ba ta rubuta ba. Ina tsakiyar take?

Dan_Tumfure

Wa'alaikumus salam Anti. Ni a ganina abin bai kai haka wahala ba. Gajeren rubutu a mayar da shi gajeren rubutu. `Bkm` ya koma `np`, `ngd` ya koma `tnx`, `slm` ya koma `hi`. Imoji kuma a bar shi inda yake, ai ba shi da yare, kowa a duniya ya san 😂 dariya ce. Haka mai karatu zai ji cewa hira ce ta waya, ba wasiƙar neman aiki ba.

Baba_Tafinta

Ɗana, rabin maganarka daidai ne. A bar imoji inda yake, na yarda, kuma a bar adadinsa: biyu ta sa, biyu za a sa, kada a mayar da su ɗaya don tsabtar shafi. Amma `slm` ba `hi` ba ne. Sallama ce, kuma a layi na 1 tana aiki. Dubi yadda A ta fara: sallama, ta kira ta Hajiya, ta ce "an tashi lafiya" ba "kin tashi" ba. Wannan "an" ɗin girmamawa ce, irin wadda ake yi wa wanda ba a son a nuna shi da yatsa. Sai ka gangara layi na 9, babu Hajiya, babu "an", sai "ke dai". Labarin hirar nan gaba ɗaya yana cikin wannan saukowar daga "an" zuwa "ke". Turanci kuwa `you` ɗaya gare shi, da shi zai kira sarki, da shi zai kira yaron shago. In ba a yi dabara ba, saukowar ta ɓace.

'Yata, ga yadda ake shimfiɗa aikin. Ki yi jadawali mai gida huɗu. Gida na farko lambar layi da lokaci da wanda ya yi magana. Na biyu abin da ke cikin hoton daidai yadda yake, da kurakuransa, kada ki gyara ko wasali ɗaya. Na uku cikakkiyar Hausa, a warware gajerun kalmomi, a mayar da ƙugiyoyin haruffa. Na huɗu Turanci. Bayanin mai fassara kuma ya sauka ƙasan shafi da lamba, kada ya shiga cikin maganar matar. Amfanin gida na uku shi ne duk inda aka yi gardama, za a ga a ina kika yanke hukunci: a wajen karanta Hausar ne ko a wajen juya ta. Mafi yawan ɓarnar da ake yi a irin wannan aiki a wajen karatun take, tun kafin a kai ga Turanci.

Malama_Hausa

Baba ya taɓo wurin, kuma layi na 5 shi ne shaida. `na bata kudin` yana iya zama "na ba ta kuɗin", wato ta miƙa wa wata mace, yana kuma iya zama "na ɓata kuɗin", wato ta kashe su a banza. Masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, kuma suna manne wakilin suna da aikatau, don haka jimloli biyu masu nisa da juna suka zama rubutu ɗaya. A shari'ar bashi, ɗaya na nufin na biya, ɗaya na nufin na ci.

Hanyar ganewa ba zato ba ce. Na farko, ki duba sauran hotuna 13 ɗin ki ga yadda B take rubuta ɓ a wasu kalmomi. Akwai masu sa alama, su rubuta `b'ata` ko `6ata`. In tana yin haka a wani wuri amma a nan ta bar `bata`, to "ba ta" ya yi ƙarfi. Na ga dai tana amfani da `q` a madadin ƙ tunda ta rubuta `qlau`, amma wannan bai gaya mana komai game da ɓ ba. Na biyu, ki nemi macen da "ta" ɗin ke komawa gare ta. An ambaci wata 'yar aike ko ƙanwa a baya? Na uku, kalmar "ai" a farkon jimlar. "Ai" ta mai kare kai ce, mai cewa abin da kike tambaya an riga an gama shi. Da wuya mutum ya ce "ai na ɓata kuɗin" da wannan sigar sai in rashin kunya yake ji. Sannan layi na 8, "zan duba", ya fi dacewa da wadda ta ce ta aika kuma za ta bincika ko sun isa.

Yar_Jekadafari

Malama, a hoto na 3 A ta rubuta `xan turo yarinyata ta karba`. Kwana nawa tsakaninsu ban sani ba, domin saman hoton `Yesterday` kawai ya nuna.

Malama_Hausa

To kin samu "ta" ɗinki. Ki fassara shi a matsayin ta ba yarinyar, amma kada ki rubuta "yarinyar" a cikin Turancin, domin B ba ta ambace ta ba. `her` kawai. Sai bayanin ƙasa ya ce rubutun na iya ɗaukar karatu na biyu, ga dalilin da ya sa aka zaɓi na farko, a duba hoto na 3.

Mai_Kafe_Bolari

Hajiya in aikin gyaran hoto ne ki kawo mana shago. Ana goge Hausar a cikin kumfar saƙon a zuba Turancin a wurin, da launin kore da alamar an karanta da komai, ya fito tamkar da Turanci aka yi hirar. Hoto 14 ba zai wuce awa biyu ba.

Barista_Tudun_Wada

Malam mai kafe, don Allah kada a yi wannan da takardar da za ta je gaban alƙali. Wannan dabara ta masu shirya fim ce ko masu talla. Da zarar an taɓa cikin hoton, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce an ƙirƙiri hira, kuma zai yi wuya a wanke kai. Hoton asali ya tsaya yadda yake, a buga shi, a sa masa lamba, fassara ta zo a takarda daban tana nuni da wannan lambar.

Abin da ya sa ake neman Turancin ma shi ne harshen manyan kotuna ke nan, saɓanin kotun shari'ar Musulunci inda ake sauraron ƙara da Hausa. Shi kansa hoton yana ƙarƙashin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wadda ta tsara yadda ake karɓar abin da ya fito daga na'ura, har da takardar tabbatarwa game da na'urar da aka ciro shi. Wannan aikin lauya ne, ba naki ba. Naki shi ne ki rubuta a ƙarshe cewa ke kika fassara, daga hotuna kaza, ki sa hannu da kwanan wata, kuma ki zauna da shirin cewa ana iya kiran ki a yi miki tambayoyi a kan kowane layi. Saboda haka duk abin da ba za ki iya kare shi a tsaye ba, kada ki rubuta.

Ni layi na 8 da na 9 suka fi ɗaukar hankalina. In kika mayar da `kiyi hkr` zuwa `I am sorry`, kin ba wa ɓangaren A makami, za a ce ta amsa laifi. In kika mayar da `ki rike kudinki` zuwa `keep the money`, kin ba wa ɓangaren B, za a ce an yafe bashi.

Baba_Tafinta

Barista ya faɗi gaskiya. "Ki yi haƙuri" muna faɗinsa ga wanda muka taka, muna faɗinsa ga wanda aka yi wa rasuwa, muna faɗinsa ga wanda muke so ya ɗan jira. A nan, da yake "zan duba" ya biyo baya, neman a sassauta ne. Ga yadda zan sa gida na huɗu daga layi na 5:

```
5 B: But I gave her the money since last week
6 A: I see 🙂
7 A: Well, how kind of you 😂😂
8 B: Please bear with me, I'll check, God willing
9 A: No problem, you just hold on to your money, we shall meet 🙏
```

Ki lura da abu uku. "Ai" ta zama `But`, domin ita ce ke ɗauke da kare kai. "Ke dai" ta zama `you just`, wanda ya ɗan dawo da nuna yatsan da na ce Turanci na haɗiyewa. "Riƙe" kuma na bar shi a riƙewa, ban kai shi ga mallaka ba. Bahaushiya in za ta yafe bashi cewa take "na yafe" ko "na bar miki". Wadda ta ce "ki riƙe kuɗinki", alhali kuɗin nata ne, baƙar magana take yi. Amma wannan hukuncin nawa ne, don haka wurinsa bayanin ƙasa, kuma a can ma cewa za a yi "ana yawan amfani da wannan siga wajen gatse", ba "tana gatse" ba.

Malama_Hausa

Baba, a gafarce ni, `since last week` ɗin nan Turancinmu ne na gida, "tun" ce ta bi mu har can. `as far back as last week` ko `already, last week` zai fi zama daidai ga kowane mai karatu. Sai dai kuma alƙalin da zai karanta ɗan ƙasar nan ne, ya san abin da ake nufi. Ban sani ba ko gyaran ya zama dole.

Inda na fi saɓa muku shi ne layi na 7. `how kind of you` ya riga ya yi gatsen da kansa, har ya fi na Hausar fitowa fili. "Kin kyauta" a bakinta kalma ce ta yau da kullum, dariyar da ke gefe da abin da ya gabata su suka juya ta. Ni zan sa `You've really done well 😂😂`. Wannan ma a Turancin Najeriya ana jin sa ta fuska biyu, kamar dai na Hausar.

Baba_Tafinta

Na karɓi gyaran farko. Na biyun kuwa, malama, in takardar ta faɗa hannun wanda bai saba da mu ba, zai karanta naki a matsayin yabo tsantsa. Amma na yarda naki ya fi sauƙin karewa a gaban lauya. 'Yata ta zaɓa.

Dan_Tumfure

Baba ni fa har yanzu ina kan batun imoji. Kun bar 🙂 a layi na 6 ba bayani. A wajen matasa wannan ba murmushi ba ne, shi ne fuskar "na gane ki". In budurwa ta turo maka `toh 🙂` ka san ka shiga uku. Haka 😂 ba kullum dariya ba ce, akwai dariyar takaici. Don haka na janye maganata ta cewa ba shi da yare. Amma in haka ne, me zai hana a cire shi kawai a rubuta cewa tana fushi?

Goggo_Dukku

Saboda ba ka san shekarunta ba, ɗana. Ku ne kuka mayar da 🙂 abin tsoro. Mace mai shekara hamsin da 'yarta ta koya mata WhatsApp tana iya sa shi da zuciya ɗaya, murmushi take nufi. Haka 🙏, wani godiya yake nufi, wani roƙo, wani amin, wata kuma "na bar ki da Allah". Abin da za a yi shi ne a bi hotunan 14 a ƙirga inda A ta sa kowane imoji. In ta saba sa 🙂 a gaisuwa da lokacin da ciniki ke daɗi, to ɗabi'arta ce, ba shi da nauyi. In bai taɓa fitowa ba sai a wannan layin, to ya yi magana.

Wani abu kuma tunda a Gombe muke: ki duba ko akwai Fulatanci a ciki. Mutanenmu suna jefa `mi yetti` a wurin na gode, ko `ceede` a wurin kuɗi, a tsakiyar Hausa. In an samu, a faɗa a bayani cewa wannan kalmar da Fulatanci aka rubuta ta, domin komawa harshen gida a tsakiyar rigima yakan zama lallashi ne, ana tuna wa mutum zumunci. In aka narkar da komai cikin Turanci ɗaya, wannan ya tafi.

Yar_Jekadafari

Goggo na duba. Babu Fulatanci. A ta sa 🙏 sau shida, biyar a ciki tare da `ngd` ne bayan an turo mata alat. 🙂 kuwa sau ɗaya tak, a nan.

Abba_Wayoyi

Anti, kafin ki ci gaba, ki roƙi lauyan ya sa mai wayar ta fitar da hirar gaba ɗaya a rubuce. A Android za ta buɗe hirar, ta taɓa ɗigo uku na sama, sai `More`, sai `Export chat`, ta zaɓi `Without media`. Zai ba da fayil na `.txt` wanda kowane layi ke ɗauke da cikakken kwanan wata da lokaci. Wannan zai warware miki matsalar `Yesterday`, wanda ba ya nufin komai in ba a san ranar da aka ɗauki hoton ba. Ki dai kula, tsarin kwanan watan yana bin saitin wayar, wata tana fara da rana wata da wata, don haka ki nemi layin da lambarsa ta wuce 12 ki gane wanne ne wanne.

Amma kada ki jefar da hotunan, domin fayil ɗin yana zubar da abubuwa. Ba ya nuna saƙon da aka ja aka ba wa amsa, ba ya nuna imojin da aka manna a jikin saƙo, ba ya nuna alamar an karanta. Saƙon murya da sitika da hoto kuma `<Media omitted>` kawai za ki gani a wurinsu. Su biyun ake haɗawa.

A cikin hotunan ki duba abu huɗu. Saƙon da ke dama na mai wayar ne, kuma babu suna a kansa, don haka ki tabbatar wayar wa aka ɗauka kafin ki raba A da B. Ki duba ƙarshen kowane hoto ya haɗu da farkon na gaba, in bai haɗu ba ki rubuta cewa akwai giɓi. Ki duba `Read more` a dogon saƙo, yana nufin an yanke sauran. Sannan kalmar `Edited` a gefen lokaci: tun 2023 ana iya gyara saƙo cikin minti 15 da turawa, kuma ba a ganin abin da aka fara rubutawa. Duk waɗannan rubutun manhaja ne, ba maganar matan ba, a nuna su daban. Layi na 10 ma haka, a kwafe shi yadda yake, kada a yi hasashen abin da aka goge.

Mai_Kafe_Bolari

To na fahimta, ba gyaran hoto ake so ba. Amma ga abin da ya shafi ɓangarenmu: in kika kawo fayil ɗin Word a buga, imoji yakan fito baƙi da fari, wani lokaci ma akwati kawai babu komai a ciki, in kwamfutar ba ta da rubutun da ke ɗauke da shi. A Windows ki zaɓi imojin ki sa masa `Segoe UI Emoji`, ki mayar da fayil ɗin PDF tun a gida, ki buga shafi ɗaya gwaji. A ƙaramin rubutu 🙂 da 😏 kusan abu ɗaya suke zama a takarda.

Abba_Wayoyi

Shi ya sa ake rubuta sunansa a bayani. Kowane imoji yana da suna da lamba a Unicode: 🙂 shi ne `slightly smiling face`, `U+1F642`, 😂 kuma `face with tears of joy`, `U+1F602`, 🙏 `folded hands`. Sunan ba fassara ba ne, shaida ce kawai ta wanne aka tura. Yana da amfani domin zanen ya bambanta daga waya zuwa waya, abin da mai iPhone ta gani ba lallai shi mai Android ta gani ba. Misalin da aka fi sani shi ne 🔫, wanda Apple ya mayar bindigar ruwa ta wasan yara a 2016 alhali a wasu wayoyin a lokacin bindiga ce sosai.

Barista_Tudun_Wada

Kuma kada a raina su. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na Kanada ta yanke cewa 👍 da wani manomi ya tura a matsayin amsa ga hoton kwantiragi ya isa amincewa da ciniki. Ba dokarmu ba ce, amma ya nuna inda duniya ta dosa. Mai fassarar da ya share imoji don yana ganin wasan yara ne ya share shaida.

Ni dai `xamu hadu` ce ba ku gama mini ba. Wanda nake karewa in B ce, zan so a ce barazana ce.

Baba_Tafinta

Ranka ya daɗe, shi ya sa ba lauya ke fassara ba. "Za mu haɗu" tana da ƙofa uku: mu haɗu a kasuwa, mu haɗu a gaban hukuma, mu haɗu gaban Allah ranar da babu bashi sai an biya. Da 🙏 a gefe kunnena ya fi karkata ga ta ukun. Amma 'yata ta ce sau biyar A tana sa shi a wurin godiya, to yana iya zama hannunta ne ya saba. `we shall meet` ya bar ƙofofin uku a buɗe kamar yadda ta bar su. `I'll deal with you` ƙarya ce aka yi mata, `see you later` kuma ƙarya ce aka yi wa B. Da ta rubuta "za ki gani" ko "za ki ji a jikinki" da maganar ta canza.

Malama_Hausa

Bari in koma kan gajerun kalmomi, domin an bar Dan_Tumfure ba a ba shi cikakkiyar amsa ba. Dalilin da ya sa ba a mayar da `bkm` zuwa `np` shi ne a wurin waɗannan matan gajartawa ba salo ba ne, haka suke rubutu kullum, da mai daɗi da mara daɗi. In ka zuba gajerun Turanci sai Hajiya mai shago ta koma kamar 'yar sakandare. Abin da ke nuna hira ce shi ne gajerun jimloli, rashin aya, da barin kowane saƙo a layinsa. Layi na 6 da na 7 minti ɗaya ne tsakaninsu, kada a haɗe su jimla guda, domin wannan turowa a jere ita ce numfashin mai fushi. Haka jinkirin B na minti 17 da na minti 19 yana cikin labarin, lokutan su tsaya.

Wurin da gajartawa ke da ma'ana shi ne inda aka daina ta. Mai rubuta `slm` kullum, ranar da ta rubuta sallama cikakkiya da aya a ƙarshe, ta sa rigar zuwa kotu ke nan. A nan ne Turancin ma zai miƙe ya yi sanyi.

Sai `Kwana 2` a layi na 2, kada lambar ta ruɗe ki. `It's been a while` ne, ba kwana biyu na ƙirge ba. In kika sa `two days` kin ƙirƙiro wa shari'ar kwanan wata. `85k` kuma ki bar shi `85k`, bayani ya ce naira dubu 85 ake nufi bisa al'ada, tunda ba ta rubuta naira ba.

Yar_Jekadafari

Malama kamar kin ga hoto na 12. A can A ta rubuta `Assalamu alaikum. Ina jiran kudina.` ba gajartawa ko ɗaya, ba imoji.

Na ɗauki na Malama a layi na 7, da bayani a ƙasa. Layi na 9 na Baba. Wanda ya rage mini shi ne `isA`. In na sa `God willing` kamar alkawari ne mai ƙarfi, alhali mu mun san wani "in sha Allah" ɗin hanyar zamewa ce.

Goggo_Dukku

Wannan kam ki bar shi yadda Baba ya sa, kada ki yi masa bayani ko kaɗan. Ba mai fassarar da zai shiga zuciyar mutum ya ce in sha Allahunsa na gaske ne ko na kora.

Dan_Tumfure

Goggo ai in an yi wa 🙂 bayani shi ma ya cancanta. Duka biyun abu ne da Bahaushe ke ji, baƙo ba ya ji.

Barista_Tudun_Wada

Bambancin shi ne na 🙂 tana da abin nunawa, sau ɗaya ya fito cikin hoto 14, kowa zai iya ƙirgawa. Na `isA` fa? Sai dai in B ta faɗe shi sau da yawa a baya kuma ba ta cika ba, wannan kuwa lauya ne zai tsaya ya nuna wa kotu, ba bayanin ƙasan shafi ba. Ƙanwata, sau nawa ya fito a bakin B?

Yar_Jekadafari

Sau huɗu, Barista, uku a kan maganar biya. Fayil ɗin da Abba ya ce a fitar ya iso yanzu, kuma akwai `<Media omitted>` guda biyu tsakanin layi na 9 da na 10 waɗanda babu su a hoton da aka ba ni. Na tura wa lauyan tambaya ko saƙon murya ne.